Kyanwata wuni take tana barci, lafiyarta ƙalau kuwa?

"Likita, ina da kyanwa mace, shekararta 3, ba ta fita waje. Daga hantsi har la'asar barci take yi, da dare ma ta ɗora, amma da asuba sai ta hana kowa sakat da guje-guje. Wani lokaci tana cikin barci sai in ga ƙafafunta na fizga. Ciwo ne ke damunta ko tsabar lalaci ne?"

'Yar'uwa, abin da ya fi kwantar min da hankali a saƙonki shi ne wanda ya fi ba ki haushi, wato guje-gujen asubar nan. Kyanwar da ciwo ke ci ba ta da ƙarfin da za ta riƙa haye kujeru da sassafe. Ban ga kyanwarki ba, ban ɗora ta a kan sikeli ba, ban saurari ƙirjinta ba, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Amma hoton da kika zana hoton lafiyayyar kyanwa ne.

Babbar kyanwa mai lafiya tana barcin awa 12 zuwa 16 a cikin awa 24. 'Yan jarirai da tsofaffi sukan kai awa 20. Mu yi lissafin taki. In ta kwanta ƙarfe 9 na safe ta tashi 4 na yamma, awa 7 ke nan, ko da yake na tabbata a tsakani takan tashi ta sha ruwa, ta lashe jikinta, ta canja wurin kwanciya. Ki ƙara awa 5 na dare, daga 11 zuwa 4 na asuba, sannan gyangyaɗin da take yi nan da can da yamma, a ce awa 2. Jimla awa 14. Tana tsakiyar ma'auni daram.

Sai dai ni a wurin aiki ba na cika damuwa da adadin awannin. Na sha ganin kyanwar da ke barcin awa 17 tana cikin ƙoshin lafiya, na kuma ga mai barcin awa 14 da ƙodarta ta fara lalacewa. Abin da nake tambayar mai kyanwa shi ne yadda take farkawa, da abin da take yi in ta farka, da kuma ko halinta na wannan wata ya bambanta da na watan jiya. Zan zo kan waɗannan, amma sai kin fara gane dalilin barcin tukuna.

Jikin mafarauci ne

Kyanwar gida jikanyar kyanwar daji ce, wadda ta fara raɓar mutane a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da noma ya kankama, aka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin. Daga wancan lokaci zuwa yau ƙirar jikinta ba ta canja sosai ba. Wadda ke kwance a kan kujerarki tana ɗauke da agogon jikin dabbar da sai ta yi farauta take ci.

Farautar kyanwa kuwa ba irin ta kare ba ce. Kare na iya bin abu da sassarfa na tsawon lokaci har ya gajiyar da shi. Kyanwa laɓewa take yi, ta yi sanɗa, ta tsaya cik, sannan ta daka tsalle ɗaya da iyakar ƙarfinta. Naman jikinta an yi shi ne don zabura ta 'yan daƙiƙoƙi, kuma irin wannan zabura tana cin ƙarfi ƙwarai, tana gajiyarwa nan da nan. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana buƙatar abin da ya kai kalori 240 a rana, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa, ɓera ɗaya kuma bai wuce kalori 30 ba. Ke nan sai ta kama kamar guda 8 kafin ta cika cikinta na yini, kuma ba kowane tsalle ne ke kamawa ba, da yawa kuskurewa take yi. Dabbar da rayuwarta ke tafiya a haka ba ta da ribar yawo a lokacin da ɓera ke cikin rami. Abin da ya fi mata shi ne ta kwanta ta adana ƙarfi har lokacin da abin farautar zai fito. Ba banza ba aka ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai.

Akwai wani dalilin kuma. Nama abinci ne mai nauyi, ɗan kaɗan ya ƙosar, don haka ba ta ɓata yini wajen ci. Ki kwatanta da doki, wanda ciyawa ke cinye masa mafi yawan yininsa, ga kuma fargabar abin da zai far masa. Barcin doki bai cika wuce awa 3 ba, na saniya kamar 4. Zaki kuwa yakan shafe har awa 20 a kwance yana hutawa. A dunƙule, dabbobin da ke farauta sun fi waɗanda ake farautarsu barci. Ita kyanwa tana tsakani: tana farauta, amma ƙarama ce, ita ma akwai masu cinta. Wannan ne ya sa barcinta ke da yawa amma mafi yawansa ba shi da nauyi, kuma ya sa take son kwanciya a saman kabad ko cikin kwali, inda ba za a zo mata ta baya ba.

Mutane da yawa na cewa kyanwa dabbar dare ce. Gyara kaɗan: dabbar asuba da magariba ce. A waɗannan lokuta biyu ne ɓeraye da ƙananan tsuntsaye suka fi zirga-zirga, kuma idonta ya fi nasu aiki a wannan duhu-duhun. A bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi, shi ne ke ƙyalli in kin haska ta da tocila, kuma da taimakonsa tana gani a hasken da bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wanda ɗan Adam ke buƙata ba. To da asuba agogon jikin kyanwarki yana gaya mata lokacin aiki ya yi. Ba ɓera a ɗakin, sai ta farauci labule da yatsun ƙafarki da suka leƙo daga bargo.

Barcin ba iri ɗaya ba ne

Mu mutane mukan haɗa barcinmu wuri guda da dare. Kyanwa gutsuttsura nata take yi, ta yi kaɗan, ta farka, ta koma, sau da yawa a yini. Kuma kusan kashi uku cikin huɗu na abin da kike ƙirgawa a matsayin barci, gyangyaɗi ne kawai.

Gobe da rana ki zauna kusa da ita ki duba da kyau. Za ki same ta a kan cikinta, ta naɗe ƙafafun gaba a ƙarƙashin ƙirji, kai a tsaye, ido a lumshe amma da 'yar tsaga. Ki murza leda a hankali daga can gefe. Kan ba zai motsa ba, amma kunne ɗaya zai juya wajen ƙarar, wataƙila bakin wutsiya ya ɗan kaɗa. Wannan kyanwar tana hutawa, amma in ɓera ya gifta, cikin ƙiftawar ido tana kansa. Irin wannan gyangyaɗi yakan ɗauki minti 15 zuwa 30.

In ta samu natsuwa sai ta zarce. Za ta kife a gefe ɗaya ko ta dunƙule ta rufe fuska da hannu, wuya ya saki, jiki ya yi laushi kamar tsumma. A nan ne za ki ga abin da ya tsorata ki: yatsu na fizga, gashin baki na rawa, kunne na karkaɗawa, ƙwayar ido na yawo a ƙarƙashin fata, wani lokaci har baki ya riƙa motsi kamar tana tsotso. Wannan shi ne barcin mafarki. Ba ya daɗewa, minti 5 zuwa 7 ne galibi, sai ta koma mara nauyi, daga baya ta sake nutsawa.

Wani abin sha'awa, da yawa daga cikin abin da likitoci suka sani game da wannan mataki na barci, har a jikin ɗan Adam, daga kyanwa aka koyo shi. A 1959 wani masani Bafaranshe mai suna Michel Jouvet, a birnin Lyon, ya auna ƙwaƙwalwar kyanwoyi suna barci. Ya tarar akwai lokacin da ƙwaƙwalwar ke aiki kamar dabbar idonta biyu, alhali naman wuyanta ya saki gaba ɗaya. Wato ƙwaƙwalwa na bayar da umarnin gudu da tsalle, amma akwai wani wuri a gindinta da ke taka wa jiki birki. Bayan 'yan shekaru ya lalata wannan wuri a jikin wasu kyanwoyi, sai ga su suna miƙewa cikin barci, suna sanɗa, suna kai cafka ga abin da babu shi. Fizgar da kike gani a ƙafar kyanwarki ɗan abin da ya kuɓuce wa birkin nan ne. Ni in na ga kyanwa na irin wannan barci a tsakiyar ɗaki, ciki a buɗe, nakan ce wa mai ita ta yarda da gidan, don ba ta sakin jiki haka a inda take jin tsoro.

Yadda za ki bambanta wannan da farfaɗiya ba wuya. Ki kira sunanta ko ki tafa hannu a hankali. Mai mafarki za ta buɗe ido, ta dube ki, ta yi hamma, shi ke nan. Mai farfaɗiya ba ta jin kira, jikinta sandarewa yake yi ko ya riƙa jijjiga gaba ɗaya da ƙarfi, yawu na zuba, sau da yawa fitsari ya kuɓuce mata, in abin ya sake ta kuma sai ta ɗauki lokaci tana tangaɗi kamar ba ta san inda take ba. In kin taɓa ganin haka, kada ki sa hannu a bakinta. Ki ɗauki bidiyo da waya ki kai wa likita, domin da wuya abin ya tashi a gabanmu.

Haka kuma kada ki firgita in kin ga wata farar fata ta rufe rabin idonta tana barci. Kyanwa na da fatar ido ta uku a kusurwar da ke wajen hanci. Ganinta a lokacin barci ko farkon farkawa ba komai ba ne. In ta tsaya a waje alhali kyanwar ta wartsake tana yawo, wannan kam alama ce ta rashin lafiya.

Shekaru da yanayi suna ƙara ko rage awannin. Jariran kyanwa a makonnin farko ba su da aiki sai tsotso da barci, kuma mafi yawan barcinsu mai fizge-fizgen nan ne, har ma jaririn da ke kwance shiru ba motsi ya fi damuna a kan mai fizga. Sanyi ma yana ƙara barci. Zafin jikin kyanwa digiri 38 zuwa 39 ne, ya ɗara namu, kuma ta fi sakewa a wurin da ɗuminsa ya kai digiri 30 ko fiye. Shi ya sa take bin hasken rana daga wannan taga zuwa waccan, ko ta hau bayan na'urar da ke fitar da ɗumi. In da sanyi za ta dunƙule, hanci a cikin wutsiya. In da zafi za ta miƙe a kan siminti ko tayil.

Sannan akwai barcin rashin abin yi, kuma tunda taki ba ta fita, ina zargin akwai kason wannan a cikin awa 14 ɗinta. Kyanwar ɗaka da aka cika wa kwano tun safe, ba abin kora, ba abin hawa, ba abokin wasa, za ta cike gurbin da barci. Ba ciwo ba ne, amma hanyar ƙiba ce, ƙiba kuma ita ke jawo ciwon suga da ciwon gaɓoɓi daga baya. Ki shafa gefen ƙirjinta da tafin hannu. Ya kamata ki ji haƙarƙari ba tare da kin danna ba. In sai kin tura yatsa kafin ki same su, nauyinta ya wuce kima.

Inda barci ke zama alamar ciwo

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. A daji duk wadda ta nuna rauni ta zama abincin wani, don haka ba ta kuka, ba ta ɗingishi sai abin ya yi tsanani. Abin da take yi shi ne ta rage motsi, mai ita kuma ya ce barcinta ya ƙaru. Lafiyayyen barci da kasalar ciwo daga nesa kamarsu ɗaya, a farkawa ake rarrabe su. Lafiyayyar kyanwa in ta ji ƙarar kwanon abincinta za ta tashi, ta yi miƙa da ƙafafun gaba sannan na baya, ta yi hamma, ta taho wutsiya a sama. Marar lafiya za ta buɗe ido ta dube ki, ta mayar da kai. Ko ta taso ta sunsuni abincin ta juya.

Ki lura da yanayin kwanciyar ma. Akwai wani zama da masu kyanwa ke ɗauka barci ne: ta durƙusa a kan ƙafafu huɗu, baya a ɗan gantsare sama, kai a sunkuye ƙasa da kafaɗa, ido a matse, kunnuwa sun buɗe gefe, gashi a hargitse. Wannan zaman mai jin zafi ne. Akwai kuma likimo. Kyanwar da ke cikin fargaba, misali an kawo sabuwar kyanwa gidan ko an canja mata muhalli, takan rufe ido ta yi kamar tana barci, amma jikin a ɗaure yake, ba za ki taɓa ganin ta kife a gefe ta saki wuya ba. Canjin wuri ma magana ce. Wadda ta saba kwana a gadonki ta koma ƙarƙashin gado ko bayan kabad ta ƙi fitowa, tana gaya miki wani abu.

Akwai awo ɗaya da nake koya wa duk mai kyanwa, don ba ya buƙatar komai sai agogo. Lokacin da take barci sosai, ba lokacin fizge-fizgen mafarki ba, ba kuma lokacin da take ƙugin jin daɗin nan ba, ki dubi gefen ƙirjinta. Ɗagawa da sauka ɗaya numfashi ɗaya ne. Ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. In kin samu 12, numfashi 24 ke nan a minti, daidai ne. Lafiyayyar kyanwa mai barci tana ƙasa da 30 a minti. In kin auna sau biyu ko uku a lokuta daban-daban kina samun sama da 30, ki kai ta a duba zuciyarta da huhunta. In ya haura 40, ko cikinta na bugawa da kowane numfashi, ko tana numfashi baki buɗe kamar kare, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Na koyi muhimmancin wannan awo ne ta hanya mai ɗaci. A shekarun farko na aikina wani bawan Allah ya kawo min muzurunsa ɗan shekara 6, ya ce kwana biyun nan barcinsa ya yi yawa, kuma ya daina hawa katanga. Na duba shi, ba zazzaɓi, yana ci, dasashinsa ruwan hoda. Numfashinsa na da sauri, amma na ce tsoron asibiti ne, don kusan kowace kyanwa haka take yi a kan teburinmu. Na ce wa mai shi, kyanwa ce ai, barci sana'arta ce. Bayan kwana 10 ya dawo da shi baki buɗe yana haki. Naman zuciyarsa ne ya yi kauri, ruwa ya taru a ƙirji. Mun zuƙe ruwan, muka ɗora shi a kan magani, ya ƙara rayuwa, amma da na ce wa mutumin ya je gida ya ƙirga numfashinsa yana barci, da mun kama abin tun kafin ya kai haka. Da ya fara ƙirgawa bayan an sallame su, yakan samu 26 ko 28, ranar da ya samu 44 kuwa bai jira komai ba ya taho, muka gyara yawan maganin. Tun daga lokacin ban ƙara cewa kowa "kyanwa ce ai" ba sai na tambayi me ya canja.

Sauran abubuwan da nake nema in an ce barci ya ƙaru ba su da yawa. Nakan ɗaga leɓe in duba dasashi: ruwan hoda ake so, in ya yi fari jini ya yi ƙaranci, kuma a jikin 'yan ƙanana ƙuma da tsutsar ciki kaɗai sun isa su jawo haka. Nakan tambayi shan ruwa da fitsari, don tsohuwar kyanwar da ke yawan sha, tana rama, tana yawan kwanciya, ƙoda ko suga ake fara zargi. Nakan laluba jiki ko akwai kumburi mai zafi, musamman ga muzurun da ke fita faɗa, domin cizon ɗan'uwansa yakan rufe daga sama ya yi ruwa daga ciki, ya kawo zazzaɓi bayan kwana biyu ko uku. Ga tsofaffi kuma nakan tambayi ko har yanzu suna hawa inda suka saba. Amosanin gaɓoɓi ya yi yawa ƙwarai a kyanwoyin da suka haura shekara 12, kuma ba ya nuna kansa da ɗingishi. Sai dai ki ga ta bar saman kabad ta dawo kwanciya a ƙasa, gashin gadon bayanta ya cukurkuɗe don ba ta iya lanƙwasawa ta lashe. Sau da yawa in aka ba irin wannan maganin ciwon da ya dace da kyanwa, sai mai ita ya ce ashe ba tsufa ba ne.

Tunda na ambaci magani: kada ki kuskura ki ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Na ga wannan fiye da sau ɗaya, kuma kullum da kyakkyawar niyya aka bayar.

Abubuwa biyu ba sa jira. Kyanwar da ta kwanta ta ƙi abinci kwata-kwata har awa 24 a kai ta asibiti, musamman mai ƙiba, domin in ta jera kwanaki ba ci, kitse yakan taru a hantarta ya zama wani ciwon na daban mai hatsari. Na biyu ya shafi masu muzuru: in yana ta zuwa wurin fitsari yana yunƙuri ba abin da ke fita, sannan ya koma ya kwanta lamo, mafitsararsa ce ta toshe, kuma kwana ɗaya ko biyu sun isa ya mutu.

Raguwar barci ma abin lura ce. Tsohuwar kyanwar da ta koma yawo da kuka cikin dare, tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa, galibi wani ƙullutu ne a maƙogwaronta mai suna tayirod ke aiki fiye da kima. Gwajin jini ke nuna shi, kuma yana da magani. Mace da ba a yi wa aikin hana haihuwa ba ita ma takan hana gida barci da kuka da birgima in lokacin neman namijinta ya zo, ya ɗauki kamar mako ya wuce, ya sake dawowa. Ba ki faɗa min ko an yi wa taki aikin ba.

Batun asuba

Ba za ki iya mayar da ita mai barcin awa 8 a jere irin naki ba, amma za ki iya matsar da agogonta. Tsarin jikinta shi ne farauta, ci, lasar jiki, barci, a jere haka. Sai ki yi amfani da shi. Kafin ki kwanta, ki ɗaura ɗan tsumma ko gashin tsuntsu a bakin igiya a jikin sanda, ki riƙa jansa a ƙasa kamar ɓera: ya gudu, ya tsaya, ya ɓuya bayan ƙafar kujera. Kada ki riƙa kaɗa mata shi a fuska, ɓera ba ya zuwa wurin kyanwa. Ki bari ta kama shi lokaci-lokaci. Minti 10 zuwa 15 sun isa, za ki ga ta kife a gefe tana kallon abin ba ta tashi ba. Nan take ki ba ta abincinta mafi yawa na ranar. Igiyar kuma ki ɗauke ki ɓoye, don kyanwa na haɗiye zare, shi kuma yana yanka hanji.

Ragowar abincin ki raba shi kashi uku ko huɗu a yini maimakon cika kwano sau ɗaya, adadin dai bai ƙaru ba. Wani kason ki zuba a robar da kika huda wa ramuka, ta yi ta mirgina ta kafin ya zubo, ko ki ɓoye shi a wurare biyu ko uku ta nema. In akwai taga, ki sa mata wurin zama a bakinta. In kin gan ta tana gyangyaɗi da la'asar kina iya tsokanarta da wasa, amma in ta nutsa cikin barcin mafarki ki ƙyale ta, tayar da ita a firgice na iya jawo miki yakushi.

Mai wuyar shi ne na ƙarshe. Da asuba in ta fara, kada ki tashi, kada ki yi mata tsawa, kada ki ba ta abinci don ta yi shiru. Duk ranar da kika tashi kika zuba mata, kin koya mata cewa kukan yana aiki. In kin tashi don kanki ma, ki yi wasu hidimominki tukuna kafin ki taɓa kwanonta, don kada ta haɗa tashinki da ci. Ki sani kwanakin farko abin ƙaruwa zai yi, za ta ƙara murya, ta karci ƙofa, ta ture abu daga kan tebur. Yawancin mutane a dare na uku suke sarewa, kuma wanda ya sare a nan ya koya mata ta daɗe tana kuka ne kawai. In kin daure, a abin da na saba gani, cikin mako biyu abin yake lafawa.

Kafin nan, ki samu takarda ki yi mako ɗaya kina rubuta abu huɗu kowace rana: ta cinye abincinta ko ta rage, ta yi wasa ko ta ƙi, a ina ta kwana, da numfashinta nawa a minti tana barci. Ki auna nauyinta sau ɗaya, ki hau sikeli da ita a hannu sannan ki hau ke kaɗai ki cire. Ki ajiye takardar. Ranar da kika ji a ranki barcinta ya canja, ita za ki ɗauko ki kwatanta, kuma ita za ki riƙe a hannu in za ki kai ta wurin likita.